Wasiƙar dakatar da aiki ga wanda ya riƙe maka kuɗi: yadda za ka rubuta ta ba tare da kun ɓata ba

Wata Juma'a da yamma ƙanena ya shigo shagon da nake buga wa mutane takardu, a garinmu da ke yankin Kura, ƙafafunsa duk busasshen taɓo, wandonsa na warin fetur. Ya ajiye mini wata takarda da ya yago daga littafin ɗansa na makaranta, ya ce, "Yaya, buga mini wannan yanzu, da kaina zan kai masa." Sana'arsa ban-ruwa ce. Yana da injina biyu da tiyo da yara uku masu taya shi, kuma duk rani yakan ɗauki kwangilar shayar da gonakin mutane. A wannan shekarar babbar kwangilarsa ita ce gonar tumatir ta wani Alhaji, abokin marigayi mahaifinmu. Ga abin da ya rubuta:

"Alhaji, na gaji da yaudararka. Kullum sai ka ce gobe, goben ba ta zuwa. Ina binka ₦166,000 kuma kowa ya san kana da kuɗin, zalunci ne kawai. Daga yau na cire injina, kada ka sake nemana. In ba ka biya ba za mu haɗu a kotu. Allah ya isa."

Ban ga laifin fushinsa ba, domin na san da kuɗin matarsa na adashi ya sayi fetur ɗin makon da ya wuce. Amma na tambaye shi abu ɗaya: kana son kuɗinka da aikin baɗi, ko kana son ka huce? Ya yi shiru. Wannan takardar za ta sa ya huce na dare ɗaya, ta kuma jawo masa asarar kuɗin da aikin gaba ɗaya. Muka zauna har bayan isha'i muna gyara ta, kuma matakan da muka bi su ne zan shimfiɗa a nan. Misalin na ban-ruwa ne, amma mai tarakta, da mai kai wa gonar kaji abinci, da mai gyaran sola, da mai kai wa makaranta ruwa, duk hanya ɗaya za su bi.

Fara da lissafi, kafin ka rubuta ko harafi ɗaya

Abin da ya fi kashe irin wannan wasiƙa shi ne adadin da ba daidai ba. Wanda ake bi bashi yana neman inda zai kama ne, kuma da zarar ka ƙara masa ko naira dubu biyar a kan gaskiya, maganar ta tashi daga "yaushe za ka biya" ta koma "ai ba haka lissafin yake ba". Sai a shafe makonni ana jayayya a kan dubu biyar, sauran kuɗin yana kwance.

Na ce wa ƙanena ya ɗauko littafinsa da wayarsa. Yarjejeniyarsu ta baki ce, an yi ta a gaban mutum biyu: zai shayar da gonar sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, kowace shayarwa ₦18,000, a riƙa biyansa duk bayan mako biyu ranar Juma'a, wato ₦72,000. Biya biyu na farko sun zo daidai. Uku na baya, na 10 ga Janairu da 24 ga Janairu da 7 ga Fabrairu, su ne suka maƙale, jimlarsu ₦216,000. A tsakani Alhaji ya turo ₦50,000 ta banki ranar 27 ga Janairu. Da ƙanena ya cire wannan sai ya samu ₦166,000 ɗin da ya rubuta.

Da muka bi littafin rana-rana sai ga abubuwa biyu da fushi ya mantar da shi. Ranar Alhamis 16 ga Janairu injin ya lalace, ba a shayar da gonar ba, kuma ba a rama ba. An cire ₦18,000. Sannan ranar 20 ga Janairu yaron Alhaji ya kawo jarkar fetur ta ₦20,000 a madadin kuɗi. An cire wannan ma. Abin da ya rage a gaskiya ₦128,000 ne. Da takardar farko ta tafi, da Alhaji ya kira shaidu ya nuna cewa ƙanena ya ƙara masa ₦38,000, kuma da a garin nan abin da za a riƙa faɗa ke nan, ba riƙe kuɗin ba.

Don haka ka jera abu huɗu a takarda dabam: ranakun da ka yi aikin, kuɗin kowace rana, abin da aka ba ka (tsabar kuɗi ne, ta banki ne, ko kaya ne), da aikin da kai ka kasa yi. Na ƙarshen nan kada ka ɓoye shi. Idan kai ka fara ambaton ranar da injinka ya lalace, ka kuma cire kuɗinta da hannunka, mai karatu zai yarda da sauran lissafin ba tare da ya ja ba.

Kada ka ɗora ko kwabo a matsayin tarar jinkiri. Ban da cewa ba ku yi da shi haka ba, ƙari a kan bashi saboda an daɗe ba a biya ba riba ce a shari'ance, kuma duk malamin da aka kai wa maganar a nan zai fara tsayawa.

Duba abin da kuka yi alkawari, sannan ka zaɓi ranar tsayawa

Idan kuna da rubutacciyar yarjejeniya, karanta ta tukuna. Wata takan faɗi kwanakin sanarwar da za a bayar kafin a tsayar da aiki, kuma in ka tsallake wannan, kai ne ka fara saɓa alkawari ko da kai ake riƙe wa kuɗi. In ta baki ce, kamar yawancin namu, ka tuna su waye shaidu da kuma ainihin abin da aka faɗa a gabansu. A wasiƙar za ka maimaita sharuɗɗan a jimla ɗaya, kuma wannan ita ce rana ta farko da yarjejeniyar ta hau takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Mu kan ji nauyin yin haka da manya tun farko, sai a ƙarshe nauyin ya dawo kanmu ninki biyu.

Zaɓen ranar tsayawa shi ne wurin da muka fi daɗewa da ƙanena, kuma a ganina shi ne ya fi komai muhimmanci. Shi yana cewa "daga yau". Na ce masa mu je da hankali mu dubi gonar. An dasa tumatirin nan a farkon Disamba. A farkon Fabrairu ya ɗauki 'ya'ya, wasu sun fara nuna, saman kuma yana ci gaba da fure. Tumatir a wannan hali ba ya jure ƙishi. In ruwa ya yanke fure yakan zube, 'ya'yan sukan yi baƙin gindi, in kuma aka dawo aka kwarara masa ruwa bayan ya sha wuya sai su tsattsage. To daga ina Alhaji zai samo kuɗin biyanka? Daga kwandunan da zai kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. In ka cire inji yau, ka ƙone gonar da bashinka yake ciki, sannan ka ba shi hujjar cewa shi ma yanzu yana binka asara.

Muka lissafa cewa tsinkar farko za ta faɗo cikin mako mai zuwa. Sai muka ba da mako guda: wasiƙa ta fita Asabar 8 ga Fabrairu, a shayar da gonar Litinin da Alhamis kamar kullum, wa'adi ya cika Asabar 15, in ba a ga komai ba aiki ya tsaya daga Litinin 17. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai bashin ƙaruwa zai yi da ₦36,000." Haka ne, kuma wannan shi ne kuɗin da kake biya don wa'adin ya faɗo a ranar da mutumin yake da kuɗi a hannu. Wa'adin da ya cika alhali aljihun mutum babu komai ba ya kawo maka sai ban-haƙuri.

Kowace sana'a tana da nata irin wannan lokacin. Mai kai abincin kaji ba ya yankewa ana saura kwana biyar a sayar da kajin. Mai kai wa makaranta ruwa ya duba ranar da ake karɓar kuɗin zango. Ka nemi ranar da kuɗi ke shiga hannun mutumin, ka ajiye wa'adinka kwana ɗaya ko biyu bayanta. Kuma kada ka rubuta ranar da ka san ba za ka iya cikawa ba. In ka ce 17 ga wata, sannan 17 ta zo aka ga injinka yana ruri a bakin gona ba a biya ba, wasiƙa ta biyu ba wanda zai karanta ta.

Yanke sharaɗin dawowa tun yanzu

Bambancin dakatarwa da rabuwa yana cikin wannan sakin layi ne. Mutane da yawa sukan rubuta "sai an biya ni kuɗina duka", suna ganin sun bar hanya. Ba su bari ba. Wanda ya kasa biyan ₦72,000 a kan lokaci ba zai wayi gari da ₦128,000 ba. Abin da zai yi shi ne ya ɗauki 'yan kuɗin da ke hannunsa ya kira wani mai injin ya biya shi nan take, kai kuma a bar ka da tsohon bashi. Dole sharaɗinka ya zama dawowa gare ka ta fi masa sauƙi a kan neman wani.

Mun raba shi uku. A biya rabi, ₦64,000, kafin wa'adi ya cika. Sauran rabin a biya shi sau biyu, ₦32,000 ranar 28 ga Fabrairu da ₦32,000 ranar 14 ga Maris, lokacin da ake tsakiyar tsinka. Na uku, kuma shi ne ke hana ramin ƙara zurfi, daga ranar da aka ci gaba kowace shayarwa a biya kuɗinta a ranar. Sannan muka faɗi abin da ƙanena zai yi nasa ɓangaren: da zarar kuɗi ya shigo, inji zai koma a ranar shayarwa ta gaba, a kan farashin da aka saba. Wannan alkawarin yana da nauyi ƙwarai, domin manomi yana tsoron ya biya tsohon bashi sannan a ce masa an ba wani gurbinsa.

Ka tabbata rabin da ka nema zai ishe ka ka ci gaba da aiki. Ƙanena ya lissafa fetur na mako biyu da kuɗin yara da abin da zai mayar wa matarsa, ya ga ₦64,000 za ta riƙe shi. In da ba za ta riƙe ba, da mun ɗaga adadin, don ba amfani ka yi sassaucin da zai tsayar da kai bayan kwana huɗu.

Yanzu gyaran kalmomi

Muka ɗauki takardar farko jimla-jimla. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: a ɗauka an karanta wasiƙar nan da ƙarfi a zauren dagaci, ga Alhaji, ga 'ya'yansa, ga limami. Wace jimla ce za ta sa ka sunkuyar da kai? Ita za a cire.

"Na gaji da yaudararka" hukunci ne a kan halin mutum, kuma ba ka da shaidar abin da ke zuciyarsa. Abin da kake da shaidarsa shi ne ranaku. Sai ta koma: biyan ranar kaza da ranar kaza da ranar kaza bai iso ba. "Kullum sai ka ce gobe" ta koma: na tuntuɓe ku ranar 24 da ranar 31 ga Janairu. "Kowa ya san kana da kuɗin" ta fita ɗungurungum, don tana nuna ka riga ka kai maganarsa majalisa, kuma dattijo zai iya yafe maka zagi amma da wuya ya yafe tonon asiri. Gaskiya ne akwai hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim da ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci, amma ba kai ne za ka jefa masa shi a wasiƙa ba. A wancan gefen kuma akwai aya ta 280 a Baƙara da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ba ka san a wanne Alhaji ya faɗa ba. Wasiƙa mai kyau takan yi aiki a duka biyun: mai hali ta tsayar masa da rana, mai ƙunci ta ba shi hanyar biya kaɗan-kaɗan.

"Na cire injina" ta koma "zan dakatar da aiki na ɗan lokaci". Kalmar nan dakatarwa ka riƙe ta daga take har ƙarshe, kada ka sauya ta da "daina" ko "janye" ko "soke", domin waɗannan suna nufin yarjejeniya ta mutu. Ka kuma faɗi dalilinka ta fuskar aikin, ba ta fuskar ramuwa ba: fetur da kuɗin yara a hannu ake biyansu, ba ni da ƙarfin ci gaba da ɗauka. Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda zai ji ta ya ce ka yi rashin kunya.

Maganar kotu da "Allah ya isa" suka fita. Kotu tana nan, ta shari'ar Musulunci ko ta majistare, kafin ita ma akwai mai unguwa da dagaci da Hisba masu yin sulhu. Amma wannan wasiƙar ba ta wannan matakin ba ce. Wanda ka ambata wa kotu a wasiƙar farko ya daina tunanin biyanka, ya koma tunanin kare kansa. In an kai ga can, wata wasiƙa ce dabam za a rubuta, kuma wannan ta farkon za ta zama shaidarka cewa ka bi a hankali.

Akwai kuskuren da ke ɗaya gefen, na ga shi sau da yawa a shagona. Mutum ya cika takarda da gaisuwa da ban-haƙuri, "don Allah in ba damuwa", "ba wai ina matsa muku ba ne", har mai karatu ya gama bai gane za a tsayar da aiki ba. Ladabi yana cikin gaisuwa da yadda ka kira mutum. Adadi da rana kuwa a faɗe su a fili, sau ɗaya, ba kwana-kwana. Tunda Alhaji sa'an mahaifinmu ne, muka kira shi Baba Alhaji, muka yi masa "ku" daga farko har ƙarshe. In sa'anka ne, "Malam Wane" da "kai" sun isa. In ƙungiya ce ko makaranta, a rubuta wa shugaba da sunan muƙaminsa.

Ga yadda ta fito:

> 8 ga Fabrairu, 2025
>
> Zuwa ga Baba Alhaji Wane
>
> Sanarwar dakatar da ban-ruwa na ɗan lokaci
>
> Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ina godiya da amanar gonarku da kuka ba ni a wannan rani.
>
> Kamar yadda muka yi a gaban shaidu, ina shayar da gonar Litinin da Alhamis a kan ₦18,000 kowace shayarwa, ana biya duk bayan mako biyu. Biyan ranakun 10 ga Janairu, 24 ga Janairu da 7 ga Fabrairu bai iso ba, jimlarsa ₦216,000. Na tuntuɓe ku ranar 24 da ranar 31 ga Janairu. Na cire ₦18,000 na ranar 16 ga Janairu da injina ya lalace, da ₦20,000 na fetur da kuka aiko ranar 20 ga Janairu, da ₦50,000 da kuka turo ranar 27 ga Janairu. Abin da ya rage ₦128,000 ne. Idan lissafinku ya bambanta da nawa, ina roƙon ku sanar da ni mu daidaita.
>
> Fetur da kuɗin yara a hannu nake biyansu, kuma ƙarfina ya ƙare. Zan shayar da gonar ranar Litinin 10 da Alhamis 13 ga Fabrairu kamar yadda aka saba, kuɗinsu ₦36,000 kuma zai zo ranar 21 ga wata. Idan zuwa Asabar 15 ga Fabrairu ba a samu biya ba, zan dakatar da aiki daga Litinin 17 ga Fabrairu.
>
> Burina in ci gaba da aikin har ƙarshen tsinka. Idan aka biya ₦64,000 zuwa ranar 15, aiki ba zai tsaya ba. Sauran a biya ₦32,000 ranar 28 ga Fabrairu da ₦32,000 ranar 14 ga Maris, sannan daga 17 ga Fabrairu a riƙa biyan kowace shayarwa a ranarta. Ko bayan an dakatar, duk ranar da ₦64,000 ta shigo zan dawo da inji a ranar shayarwa ta gaba, a kan farashinmu na da. Zan riƙe muku ranakunku har ƙarshen Fabrairu ba tare da na ba wani ba.
>
> Idan akwai wani tsarin da ya fi muku sauƙi, a shirye nake in zo mu zauna kafin ranar Asabar.
>
> Allah ya sa albarka a amfanin gona.
>
> Ɗanku, Wane, mai ban-ruwa

A ƙasa aka sa hannu, aka rubuta lambar waya da lambar asusun banki da sunan da ke kan asusun. Shafi ɗaya ce, kuma haka ya kamata ta tsaya.

Jimloli biyu a ciki ina so a lura da su. "Idan lissafinku ya bambanta da nawa" tana ba dattijo hanyar da zai kira ka ba tare da ya ji an ci masa fuska ba, domin zai iya cewa lissafi ya kira a duba, daga nan a gangaro kan biya. Ita kuwa "har ƙarshen Fabrairu" iyaka ce ga alkawarinka. In ba ka sa mata rana ba, ka ɗaure injinka yana zaune alhali wasu manoman suna nema.

Yadda za ta isa hannunsa

Ƙanena ya so ya kai da kansa a daren. Na hana shi. Wanda ransa ke ɓace in ya kai wasiƙa mai sanyi, bakinsa zai rushe abin da takarda ta gina. Ka buga kwafi biyu. Ka nemi mutum ɗaya da ku duka kuke jin nauyinsa, zai fi kyau ya kasance cikin shaidun farko, ku tafi tare ko shi ya kai. A same shi a gida shi kaɗai, ba a majalisa ba, ba a ƙofar masallaci ba, ba a gona gaban 'yan ƙwadago ba. A sa ta a ambulan a rufe, kada a ba yaro a buɗe.

Idan mutumin ba ya karanta boko, kada ka bar shi ya nemi mai karanta masa, don a nan asiri ke fita. Wanda ya kai ya karanta masa, ko a rubuta masa kwafi da ajami. Kwafi na biyu a rubuta a bayansa ranar da aka kai da sunan wanda ya kai. In kun saba da sa hannu, ya sa hannu cewa ya karɓa. In ka ga neman sa hannun zai zama kamar tuhuma, shaidar wanda ya kai ta wadatar. Bayan takarda ta isa, ba kafin nan ba, kana iya tura hotonta ta WhatsApp zuwa lambarsa shi kaɗai don ranar ta zauna a rubuce. Kada ka bi ta da saƙon murya, domin a murya ne fushin da ka tace yake dawowa.

Daga nan sai ka kama bakinka. Yaranka ma ka ja musu kunne, don su ne ke zama da 'yan ƙwadagon gonar a inuwa ɗaya. Ka yi shayarwar makon wa'adi da kyau kamar ba abin da ya faru, kowane kwami ya sha ya ƙoshi. In ka rage ruwa a wannan makon, ka ƙaryata wasiƙarka.

In amsa ta zo rabi-rabi

Da wuya a biya daidai yadda ka rubuta. Amsa takan zo iri uku, kuma daga irinta za ka gane da wa kake hulɗa. Wanda ya kira ya kawo wani abu, ko ya faɗi rana da adadi, yana son ci gaba. Wanda ya aiko a ba ka haƙuri ba rana ba adadi, goben da ce ta dawo da sabuwar riga, sai ka amsa da ladabi ka ce a faɗa maka nawa kuma yaushe. Wanda ya yi shiru, ka tuna masa sau ɗaya ana gobe wa'adi zai cika, da jimla biyu, sannan ka dakatar a ranar da ka faɗa. Ka kwashe injinka da tiyonka kawai, kada ka taɓa kayansa ko kwandon tumatir ɗaya da sunan jingina, domin wannan yana mayar da mai gaskiya mai laifi.

Alhaji ya faɗa a kashi na farko. Ranar Juma'a ya aiko ɗansa da ₦45,000, da saƙon cewa kasuwa ta faɗi, kwando bai yi kuɗi ba, kuma duk wanda ya san Kwanar Gafan a watan Fabrairu ya san haka takan faru in kaya suka yi yawa. Ƙanena ya dawo shago yana tambaya ko ya karɓa ko ya mayar. Na ce ya karɓa, ya ba da rasit, amma kada ya bar sabon tsarin a baki. Kuɗin ya gaza abin da aka nema da ₦19,000, don haka sai mun sake duba ko ₦45,000 za ta riƙe shi mako guda. Ya lissafa ya ce za ta riƙe, muddin ana biyan kowace shayarwa a ranarta. Muka buga 'yar gajeriyar takarda:

> Baba Alhaji, na karɓi ₦45,000 yau Juma'a 14 ga Fabrairu, na gode. Tsohon bashi ya koma ₦83,000. Aiki zai ci gaba ranar Litinin. Cikon ₦19,000 zai zo ranar 21 ga Fabrairu tare da ₦36,000 na wannan makon, sauran kuma a ranakun da ke cikin wasiƙar farko. Idan ranar 21 ta wuce ba a samu ba, dakatarwar za ta fara daga Litinin 24 ga Fabrairu.

Ɗan Alhaji ya sa hannu a kwafinmu ya tafi da ɗaya. Sassauci irin wannan sau ɗaya ake yinsa, kuma sai da sabuwar rana a rubuce. Ranar Litinin da asuba ƙanena ya ɗora inji a bayan babur, da sabon littafi mai layi huɗu a aljihunsa, rana da aiki da abin da aka biya da abin da ya rage, inda shi da mai kula da gonar za su riƙa sa hannu kafin a naɗe tiyo.